Abin da Ke Sa Rawuta Ta Gaji Idan Wayoyi Sun Yi Yawa

Rawuta ƙaramar kwamfuta ce mai firosesa da ma'adanar wucin gadi. Ta gida mai araha sau da yawa ma'adanarta ba ta wuce megabayit 64 ko 128 ba. Duk lokacin da waya ta tuntuɓi wata saba, rawuta kan buɗe mata layi a teburin NAT domin ta san wanda za ta mayar wa amsa, kuma waya ɗaya na iya riƙe layuka da dama ko tana cikin aljihu.

A ɗauki gidan haya mai wayoyi 40, kowacce da layuka 100. Layuka 4,000 ke nan, kafin wani ya kunna manhajar sauke fina-finai ta BitTorrent, wadda ita kaɗai kan buɗe ɗaruruwa. Teburin na cika, sai rawuta ta fara watsar da sababbin buƙatu.

Alamar a fili take: sandunan sigina cike, amma shafuka sun ƙi buɗewa, har shafin saitin rawutar kansa yana jan ƙafa. Kashewa da kunnawa na share teburin, shi ya sa abin kan gyaru na ɗan lokaci. Ƙara kuɗin data ba ya magance wannan matsala. Sai an rage na'urori ko an sayi rawuta mai ma'adana babba.