Hoton Kaya Ba Tare da Baya Ba: Inda Tsabtar Gefe Ke Tsayawa

"Cire mini bayan, ka bar kwalbar kawai." Haka mai sayar da humra kan ce wa mai haɗa hotuna idan tana son hoto guda da za ta riƙa ɗorawa a kan fosta, kalanda da tallan waya. Buƙatar tana kan hanya, sai dai aikin yana da iyaka, kuma gara a san ta tun kafin a ɗauki hoton.

A fara da irin fayil. JPEG ba ya iya barin wuri fanko; duk inda aka cire baya, wani launi ne zai cike gurbin, galibi fari. PNG kuwa yana ajiye wa kowane ɗigon hoto ma'aunin yadda ake gani ta cikinsa, daga 0, wato babu komai, zuwa 255, wato a rufe ruf. Don haka a nemi PNG, kuma idan ta WhatsApp za a turo, a turo shi a matsayin Document, domin turawar hoto ta yau da kullum kan matse shi ta lalata aikin.

Babbar matsalar tana gefe. Kyamara ba ta yanka iyakar kaya kamar da reza. Ɗigogin da ke bakin kwalba gauraye suke, wani kaso launin kwalbar, wani kaso launin abin da ke bayanta. Idan a kan farin ƙyalle aka ɗauki hoton, farin ya riga ya shige cikinsu. A kan farar takarda ba za a lura ba, amma da zarar an ɗora kwalbar a kan baƙi ko shuɗi mai duhu, sai ga wani siririn farin zare ya zagaye ta. Photoshop yana da Defringe da Remove White Matte don rage wannan, wasu kuma kan ci ɗigo ɗaya ko biyu daga gefen. Hakan ya wadatar ga kwalin sabulu. Ga leshi ko gezar ɗankwali kuwa, cin gefe yana cinye zaren ne baki ɗaya.

Kwalbar humra ta fi wuya, domin farin ƙyallen nan yana leƙowa ta cikin gilashin kanta. An cire na waje, na ciki yana nan daram, sai kwalbar ta zama kamar an zuba mata madara. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a karɓi aiki ba tare da mai haɗa hoton ya tambayi launin da za a ɗora kayan a kai ba. In fostar mai duhu ce, a ɗauki hoton a kan baya mai duhu tun farko.

Inuwa ma a nemi a ware ta daban a fayil ɗin PSD, in ba haka ba kwalbar za ta zama kamar tana shawagi. Kafin a biya kuɗi, a ɗora hoton a kan baƙi, fari da ja, a ƙara girmansa ninki uku, a bi wuyan kwalbar da murfinta da ido.