Tarin Fuka: Yadda Ake Gano Shi Da Magungunansa Huɗu

'Yan'uwa ɗalibai, mu ɗauka wani ɗan ajinmu ya yi sati uku yana tari. Yana zazzaɓi da yamma, yana jiƙe zanin gado da gumi cikin dare, ga wandonsa ya fara yi masa yawa. Duk tarin da ya kai sati biyu ya wuce a sayi maganin tari a kemis, sai asibiti.

A can za a ba shi 'yar roba ya tofa kaki, wato majinar da ke fitowa daga ƙirji, ba yawun baki ba. Na'urar Jin Eksfat kan duba kakin cikin kamar awa biyu. Tana nuna ko akwai ƙwayar cutar, da kuma ko ƙwayar ta bijire wa maganin rifamfisin. Inda babu na'urar, akan duba da madubin likita. Hoton ƙirji yana taimakawa, amma shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

Idan ta tabbata, magani wata shida ne, kullum, kuma kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Wata biyun farko ana shan magani huɗu da aka haɗe cikin ƙwaya ɗaya. Nauyi ake dubawa: mai kilo 45 zai sha ƙwaya uku a rana. Wata huɗun da suka rage ana ci gaba da biyu, rifamfisin da isoniyazid.

Kowane magani da halinsa. Rifamfisin yana mayar da fitsari, gumi da hawaye ja-ja kamar ruwan lemo. Wannan ba jini ba ne, kada ya tsorata. Isoniyazid kan jawo jin tsira ko zafi a tafin ƙafa da hannu, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6. Firazinamayid kan sa ciwon gaɓoɓi. Shi kuwa itambutol ido yake taɓawa: gani ya dushe, ko a kasa bambanta ja da kore. Wanda ya ga haka ya dakata da shan magani, ya koma asibiti a ranar.

Ukun farko duka suna iya wahalar da hanta. Alamarta ita ce idanu su yi rawaya irin na shawara, ga amai da ƙin abinci. Wannan ma ba a kwana da ita a gida.

Babban tarko yana zuwa ne bayan 'yan makonni, lokacin da tari ya lafa, jiki ya murmure. Nan wasu ke ajiye magani, alhali sauran ƙwayoyin cutar suna nan da rai. Sai su dawo, wani lokaci da taurin kan da magungunan nan ba sa jin su. Shi ya sa ake sake gwada kaki a ƙarshen wata na biyu, na biyar da na shida. Gwaji ne ke cewa an warke, ba jin daɗin jiki ba.