Karyewar farashi: Dalilin da ya sa Japan ta shafe shekaru tana neman kaya su ƙara tsada

A shekarar 2016 wani kamfanin ƙanƙarar sha a ƙasar Japan, mai suna Akagi Nyugyo, ya fitar da tallan da ya ja hankalin duniya. An nuna shugabannin kamfanin da ma'aikatansa sun yi sahu a gaban masana'antarsu, sun sunkuyar da kai suna neman afuwa. Laifin da suka yi shi ne ƙara yen 10 a kan ƙanƙarar da ake kira Garigari-kun, daga yen 60 zuwa 70, bayan shekara 25 ba su taɓa farashinta ba.

Wanda ke zaune a Najeriya, inda hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na 2024, zai ce ai mutanen Japan sun more. Sai dai a daidai wannan lokacin gwamnatin Japan da babban bankinta suna ta faɗi-tashi ne domin farashin kaya ya riƙa tashi da kashi 2 cikin 100 kowace shekara. A wurinsu araha ta zama ciwo. Domin a gane dalili, sai an fara bambance abin da masana tattalin arziki ke nufi da karyewar farashi da abubuwan da suka yi kama da ita.

Ba kowace araha ce karyewar farashi ba

Idan masara ta yi araha da kaka, ko wayar hannu ta sauko saboda an ƙware wajen ƙera ta, wannan saukar farashin kaya ɗaya ne. Haka nan idan aka ce hauhawar farashi ta ragu daga kashi 30 zuwa kashi 20, kaya ba su sauko ba, gudun tashinsu ne kawai ya ragu. Shi ya sa magidanci ke jin an ce alƙaluma sun sauko, ya je kasuwa ya tarar kuɗin cefanen bara ba ya isa bana.

Karyewar farashin da ake tsoro ita ce idan matsakaicin farashin komai, daga abinci da sutura zuwa haya da ladan aiki, ya riƙa sauka wata bayan wata, har mutane suka sakankance cewa baɗi zai fi bana araha. Galibi tana zuwa ne idan masu saye sun janye, kaya suna jibge babu mai taya su.

Yadda Japan ta faɗa ciki

A ƙarshen shekarun 1980 farashin filaye da hannayen jari ya yi tashin gwauron zabo a Japan, bankuna kuma suka yi ta ba da rance suna karɓar filaye a matsayin jingina. A ranar 29 ga Disamba, 1989 ma'aunin kasuwar hannayen jari na Nikkei ya kai maki 38,915. Daga nan ya faɗi, bai sake kaiwa wannan matsayi ba sai a watan Fabrairu na 2024, bayan fiye da shekara 34.

Filaye ma suka bi sahu. Kamfanin da ya ci bashi ya sayi fili ya wayi gari darajar filin ta zube, bashin kuwa yana nan daram. Sai kamfanoni suka koma duk abin da suka samu su zuba wajen biyan bashi, maimakon gina sabuwar masana'anta. A shekarar 1997 gwamnati ta ƙara harajin saye daga kashi 3 zuwa kashi 5, a watan Nuwamba na shekarar kuma bankin Hokkaido Takushoku da kamfanin hada-hadar hannayen jari na Yamaichi suka durƙushe. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 farashin kayan masarufi ya fara sauka, ya kuma ci gaba da sauka ko tsayawa wuri ɗaya a mafi yawan shekarun da suka biyo baya har zuwa 2012. Saukar ba ta da yawa, galibi ba ta kai kashi 1 cikin 100 a shekara. Daɗewarta ce ta yi ɓarna.

Lissafin mai masana'anta

A ɗauki misalin wata ƙaramar masana'anta da ke cinikin yen miliyan 100 a shekara. Tana kashe miliyan 50 wajen sayen kayan sarrafawa, miliyan 35 a albashi, miliyan 10 wajen biyan bashin banki da kuɗin ruwansa. Ribar da ta rage miliyan 5 ce.

To, a ce farashin komai ya sauka da kashi 5 cikin 100, masana'antar kuma ta sayar da yawan kayan da ta saba sayarwa. Cinikinta ya koma miliyan 95. Kayan sarrafawa su ma sun yi sauƙi, sun koma miliyan 47 da rabi. Amma albashi yana nan a miliyan 35, domin da yarjejeniya aka ɗauki ma'aikata. Bashi ma yana nan a miliyan 10, domin banki ba ya rage abin da yake bi don kaya sun yi araha. Ribar ta koma miliyan 2 da rabi. Wato saukar kashi 5 kacal ta cinye rabin riba. Idan saukar ta kai kashi 10, ciniki miliyan 90 ne, kayan sarrafawa miliyan 45, albashi da bashi miliyan 45. Ba a tashi da ko sisi ba.

Wannan shi ne gundarin matsalar. Abin da ake sayarwa yana sauka, abin da aka ɗauki alkawarin biya kuwa ba ya sauka. Masanin tattalin arzikin Amurka Irving Fisher ya bayyana haka a 1933, lokacin da farashi a ƙasarsa ya faɗi da kusan kashi ɗaya bisa huɗu cikin shekara huɗu, dubban bankuna suka rufe, kuma kusan mutum ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu ya rasa aiki. Ya nuna cewa idan masu bashi suka yi rububin sayar da kadara domin su biya, sai farashi ya ƙara karyewa, nauyin bashin da ya rage ya ƙaru a kansu.

Inda abin ke taɓa albashi

Mai masana'antar nan ba zai iya rage bashi ba, don haka sai ya juya kan albashi. Rage wa ma'aikaci albashinsa na wata abu ne mai wuya a ko'ina, saboda haka kamfanonin Japan suka bi wasu hanyoyi. Suka rage garaɓasar da aka saba biya sau biyu a shekara, suka daina ƙarin albashi, suka kuma taƙaita ɗaukar matasa aikin dindindin. Waɗanda suka kammala karatu daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2000 har suna aka sa musu, ana kiran zamaninsu zamanin ƙanƙarar neman aiki. Ma'aikatan wucin gadi da na kwantiragi, waɗanda suke kusan kashi 20 cikin 100 na ma'aikata a 1990, sun haura kashi 35 daga baya.

Ma'aikacin da albashinsa bai motsa ba, kuma ba shi da tabbacin aikin gobe, sai ya tsuke bakin aljihu. Masu shaguna kuma su karya farashi domin jawo shi. A 2001 kamfanin abinci na Yoshinoya ya rage kuɗin kwanon shinkafa da nama daga yen 400 zuwa 280, masu gasa da shi ma suna ta karya nasu. Mai saye ya ji daɗi, amma wannan mai sayen ma'aikaci ne a wani kamfanin da shi ma yake karya farashi. Abin da wani ya kashe shi ne abin da wani ya samu.

Jinkirin saye da jinkirin zuba jari

An fi yawan cewa idan kaya suna sauka mutane za su jinkirta saye suna jiran ƙarin araha. Wannan gaskiya ne, amma tana da iyaka. Babu wanda zai kwana da yunwa don shinkafa za ta ragu da kashi 1 baɗi. Jinkirin ya fi shafar manyan abubuwa, kamar gida da mota da injin masana'anta, musamman waɗanda ake saye da bashi. Wanda ya ga darajar gidaje tana sauka shekara goma a jere ba zai yi gaggawar cin bashin shekara talatin ya sayi gida ba.

Ga ɗan kasuwa lissafin ya fi tsauri. Idan banki ya ba shi rance a kan ruwan kashi 2, farashin abin da yake sayarwa kuma yana sauka da kashi 1, ainihin ruwan da yake biya kashi 3 ne. Kuɗin da ya ajiye bai taɓa ba kuwa darajarsu ƙaruwa take yi ba tare da ya ɗauki wata kasada ba. Shi ya sa kamfanonin Japan suka tara tsabar kuɗi masu ɗimbin yawa maimakon faɗaɗa harkokinsu.

A nan ne kuma hannun babban banki ke ɗaurewa. Idan farashi yana hauhawa, yana iya ƙara kuɗin ruwa gwargwadon buƙata. Idan yana karyewa, ragewa ake so, kuma ba a iya yin nisa ƙasa da sifili, domin mutane za su kwashe kuɗinsu daga banki su ajiye a gida. Babban Bankin Japan ya kai kuɗin ruwa kusan sifili a 1999. A 2001 ya fara sayen takardun lamuni da yawa domin zuba kuɗi a bankuna. A 2013, ƙarƙashin Firaminista Shinzo Abe da gwamnan banki Haruhiko Kuroda, aka faɗaɗa wannan shiri ƙwarai. A 2016 aka kai kuɗin ruwa ƙasa da sifili da kashi 0.1. Duk da haka farashi bai tashi yadda ake so ba, sai da tsadar makamashi da faɗuwar darajar yen suka tura shi sama daga 2022. A 2024 ƙungiyoyin ƙwadago suka samu ƙarin albashi na sama da kashi 5, mafi girma cikin fiye da shekara 30, a watan Maris na shekarar kuma bankin ya ƙara kuɗin ruwa karo na farko tun 2007.

Yadda ake gane araha mai cutarwa

Hanya mafi sauƙi ita ce a dubi abin da ke tafiya tare da arahar. Idan farashi yana sauka alhali ana sayar da kaya fiye da da, albashi yana ƙaruwa, kamfanoni suna ɗaukar ma'aikata, to ƙwarewa da yalwa ne suka kawo ta. Idan kuwa yana sauka alhali ciniki ya ja baya, rancen da bankuna ke bayarwa ya ragu, masu kasa biyan bashi sun ƙaru, to rashin masu saye ne.

Najeriya ba ta cikin wannan hali, matsalarta akasin haka ce. Amma ta ɗanɗani ƙaramin samfuri a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, sa'ad da manoma da masu dabbobi a kasuwannin karkara suka riƙa karyar da kayansu domin su samu tsabar kuɗi. Kaya sun yi araha, amma babu wanda ya kira wannan lokacin da lokacin wadata. Wannan makonni ne kawai. A Japan, yaron da aka haifa a shekarar da bankin Hokkaido ya durƙushe ya kai shekara 25 kafin ya ga farashin shago yana tashi a kai a kai.