Gida Huɗu a Kan Allo: Koyar da Gadon Sikila da Hausa da Turanci

A ajin ƙarshe na sakandare, darasin gadon halitta yakan zo da wani ɗan zane: akwati guda da aka raba gida huɗu. Wannan shi ne jadawalin Punnett, wanda masanin Birtaniya Reginald Punnett ya fito da shi a farkon ƙarni na 20, bisa dokokin gado da Gregor Mendel ya wallafa a 1866. Littattafai sukan yi misali da tsiro dogo da gajere, amma ɗalibin ƙasar Hausa yana da misalin da ya fi kusa da shi, wato ciwon sikila.

Kowane mutum yana ɗauke da ƙwayoyin gado biyu na sinadarin da ke cikin jan jini, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Lafiyayyiyar ana rubuta ta A, ta sikila kuma S. A ce miji AS ne, matarsa ma AS. Sai malami ya rubuta A da S na miji a saman akwatin, na matar kuma a gefen hagu. Kowane gida ya ɗauki harafi guda daga sama, guda daga gefe. Abin da zai fito shi ne AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Mai SS ne ke fama da ciwon. Mai AS yawanci lafiyarsa ƙalau, amma yana iya gadar wa ɗansa S.

A nan ne Hausa take yin aikinta. Yaron da ya tashi yana jin ana cewa jinin uba ya fi ƙarfi, da harshen gida zai fi saurin gane cewa kowane gida rabi na uwa ne, rabi na uba. Idan ya iya bayyana wa na kusa da shi wannan da Hausa, sai a ba shi sunayen Turanci ya maimaita aikin da su, domin da Turanci zai rubuta jarrabawar fita.

Babban kuskuren ɗalibai shi ne ɗaukar gida huɗu a matsayin 'ya'ya huɗu, har su ce in an haifi mai sikila ɗaya sauran ukun sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki lissafinsa sabo ne, kuma yiwuwar SS kashi 25 ce cikin 100 a kowane karo.

Kwabo biyu sun isa a nuna haka. A liƙa A a fuska ɗaya, S a ɗayar, ɗalibai biyu su riƙa jefawa suna rubuta abin da ya faɗo. A jifa huɗu SS tana iya fitowa sau biyu, ko ta ƙi fitowa sam. Sai an haɗa jifan duk ajin ne adadin zai kusanci ɗaya bisa huɗu.

Ma'aurata AS da AS masu 'ya'ya huɗu, yiwuwar a ce babu mai SS ko ɗaya a cikinsu 81 ce cikin 256, wato ba ta kai ɗaya bisa uku ba.