Fasinja Shida, Layi Goma Sha Biyar

Masana lissafi suna yawan ba da labarin Sándor Szalai, wani masanin zamantakewa ɗan ƙasar Hungary, wanda a shekarun 1950 ya duƙufa kan nazarin abota tsakanin yara. Ya lura cewa duk inda ya tara yara kusan ashirin, sai ya samu huɗu waɗanda dukkansu abokan juna ne, ko kuma huɗu waɗanda babu abota tsakanin kowane biyu a cikinsu. Da farko abin ya yi masa kama da wata boyayyar ɗabi'a ta yara. Kafin ya kafa hujja a kai sai ya tuntuɓi Paul Erdős da Pál Turán da Vera Sós, manyan masana lissafi na ƙasarsa, suka nuna masa cewa yaran ba su da hannu a ciki. Ko duwatsu aka jera aka haɗa su da zare launi biyu, abin da zai fito ke nan.

Ƙaramin ƙanen wannan al'amari shi ne na mutum shida, kuma hujjarsa ba ta buƙatar komai sai takarda da biro biyu. Maganar ita ce: a ɗauki kowane mutum shida, misali fasinjojin da suka cika mota a tasha. Dole a samu uku a cikinsu da suka san juna dukkansu, ko kuma uku da babu wanda ya san wani. An ba ɗalibai wannan tambaya a gasar lissafi ta Hungary a 1947, ta sake fitowa a gasar Putnam ta Amurka a 1953.

Akwai sharaɗi ɗaya da ya kamata a kafa tun farko. Sanin da ake nufi na ɓangare biyu ne. Idan fasinja ya gane fuskar wani mawaƙi a motar, shi kuwa mawaƙin bai taɓa jin sunansa ba, wannan ba ya shiga lissafi, baƙin juna ne. Kowane mutum biyu, ko sun san juna ko ba su san juna ba, babu tsakatsaki.

Daga nan sai a mai da mutane zane. A sa ɗigo shida a takarda, a kira su A, B, C, D, E da F. A ja layi tsakanin kowane ɗigo biyu, kada a bar ko ɗaya. Kowane ɗigo yana da layi 5, ɗigo shida sun ba da 30, amma tunda kowane layi yana da baki biyu an ƙirga shi sau biyu ke nan, saboda haka layukan 15 ne. Irin wannan zane da babu ɗigo biyun da ba a haɗa ba shi ake kira cikakken zane, kuma a littattafai ana rubuta na ɗigo shida da K6. Layin waɗanda suka san juna a yi shi da ja, na baƙin juna a yi shi da shuɗi. Mutum uku da suka san juna sun zama alwatika mai gefe uku duk ja, baƙin juna uku kuma alwatika duk shuɗi. Tambayar ta koma: za a iya shafa wa layuka 15 launi biyu ba tare da alwatika mai launi ɗaya ta fito ba?

Mai ƙarfin hali zai iya cewa bari ya gwada duka. Kowane layi yana da zaɓi biyu, don haka hanyoyin shafa launi sun kai 32,768, kuma a kowace sai ya duba alwatika 20. Kwamfuta za ta gama kafin ƙiftawar ido, sai dai ba za ta faɗa wa kowa dalili ba. Hujjar hannu ta fi wannan, domin mutum ɗaya kawai take kamawa.

A kama A. Layi biyar ne suka fita daga gare shi, launi kuwa biyu. Idan ja bai wuce biyu ba, shuɗi ma bai wuce biyu ba, jimilla huɗu ke nan, saura layi ɗaya ba shi da launi, wanda ba zai yiwu ba. Ashe dole ɗaya daga cikin launukan ya samu aƙalla layi uku. Kamar a ce a raba goro biyar a aljihu biyu: ko yaya aka yi, aljihu ɗaya zai ɗauki uku ko fiye.

A ce ja ne ya samu ukun, kuma layukan sun tafi wurin B da C da D. Ma'ana A ya san waɗannan mutum uku. Yanzu a manta da E da F gaba ɗaya, a zuba ido kan layuka ukun da ke tsakanin B da C da D. Idan B da C sun san juna, to A da B da C sun cika alwatika ja, magana ta ƙare. Mai son kauce wa haka dole ya sa layin B da C ya zama shuɗi. Layin B da D ma haka, in ya yi ja, A da B da D sun haɗu, sai ya mai da shi shuɗi. Layin C da D shi ma dole shuɗi. To ga shi ya tsere wa ja sau uku, amma da hannunsa ya zana alwatika shuɗi a kan B da C da D. Gaba kura, baya sayaki.

Idan kuwa shuɗi ne ya samu rinjaye a wurin A, sai a musanya sunayen launukan a maimaita maganar daga farko: A baƙo ne ga mutum uku, in akwai biyu a cikinsu da ba su san juna ba sun haɗu da A sun zama baƙi uku, in babu, to ukun nan duk sun san juna. Hujjar ke nan dukkanta.

Masu jin ta karon farko sukan yi tuntuɓe a wuri biyu. Wasu suna ɗauka cewa dole A ya kasance cikin mutum ukun da aka samu, alhali a ƙarshen misalin nan B da C da D ne suka fito, A kuwa tsani kawai aka yi da shi. Wasu kuma suna jin kamar an ce shidan za su rabu gida biyu, uku abokai uku baƙi. Ba haka aka ce ba. Ɗaya daga cikin biyun kawai aka yi alkawari, kuma ba a faɗi wanne ba.

Abin da ya fi daɗin dubawa shi ne dalilin da ya sa shida, ba biyar ba. A zaunar da mutum biyar a da'ira kamar masu cin tuwo a kwano ɗaya, kowa ya san na damansa da na hagunsa, bai san sauran biyun da ke fuskantarsa ba. Jajayen layuka biyar sun zagaye da'irar, shuɗɗa biyar sun ratsa ciki sun yi siffar tauraro. A zaɓi kowane mutum uku. Ba za su zama duk maƙwabtan juna ba, domin in B yana tsakanin A da C, to A da C ba sa kusa. Ba kuma za su zama duk a rarrabe ba, domin da'irar mutum biyar ba ta da faɗin da za a sa tazara tsakanin mutum uku. Alwatika 10 ne a wannan zane, kowace tana da launi biyu. A nan dabarar goro ta rasa wurin kamawa, saboda kowa layi huɗu gare shi, kuma huɗu tana rabuwa biyu da biyu lami lafiya.

Sai mutum na shida ya yi sallama ya zauna. Yana da layi biyar zuwa ga mutanen kwanon, uku aƙalla launinsu ɗaya. In ja ne, a cikin waɗancan ukun akwai maƙwabta biyu, sun cika alwatika ja tare da shi. In shuɗi ne, akwai biyu da ba maƙwabta ba, alwatika shuɗi ta fito. Shida ta isa, biyar ba ta isa ba, abin da masana ke taƙaitawa da R(3,3) = 6.

Harafin R na Frank Ramsey ne, masanin Cambridge da aka haifa a 1903 ya rasu a 1930 yana da shekara 26. A wata takarda kan ilimin manɗiƙi da ta fito a shekarar rasuwarsa, ya tabbatar cewa komai yawan rukunin da ake nema, huɗu ne ko goma ko ɗari, akwai adadin jama'ar da in an kai shi dole rukunin ya bayyana. Samuwar adadin ya tabbatar, bai faɗi nawa ne shi daidai ba.

A kan shida ɗin ma akwai ƙari. A. W. Goodman ya nuna a 1959 cewa alwatika mai launi ɗaya ba ta zuwa ita kaɗai, aƙalla biyu ake samu. Kuma akwai zanen da ya tsaya a biyun cif: a raba shida gida biyu, uku-uku, a yi ja a cikin kowane gida, a yi shuɗi tsakanin gidajen. Jajayen alwatika biyu ne, shuɗi kuwa babu, tunda kowane mutum uku dole biyunsu gidansu ɗaya. Daga wannan lissafi Gustavus Simmons ya ƙirƙiro wasan Sim a 1969: mutum biyu, ɗigo shida, kowa da launinsa, ana jan layi bi da bi, wanda ya fara kammala alwatika da launinsa ya faɗi. Wasa ne da ba a taɓa tashi canjaras, domin ko an kai layi na 15, da zarar an ja shi dole wani ya afka.

Yaran Szalai kuwa, adadinsu na gaskiya 18 ne. Robert Greenwood da Andrew Gleason sun tabbatar a 1955 cewa R(4,4) = 18, wato mutum 17 za su iya tserewa amma 18 ba za su iya ba. Ajin yara ashirin ya riga ya haye iyakar.

Mataki ɗaya gaba, hanya ta toshe. Ga rukunin mutum biyar, Geoffrey Exoo ya samo a 1989 zanen ɗigo 42 da ya tsere, saboda haka amsar ba ta gaza 43 ba. Vigleik Angeltveit da Brendan McKay sun sauko da iyakar sama zuwa 48 a 2017, sannan zuwa 46 a 2024, da taimakon kwamfutoci masu yawa. Gwada duka ba mafita ba ce a nan: ɗigo 43 suna da layi 903, kuma yawan hanyoyin shafa musu launi biyu adadi ne da in za a rubuta shi sai an jera lambobi 272.