Milimita nawa ƙarfen rufi zai sauka?

Ɗaga kai ka dubi saman babban masallaci, ko sito, ko rumfar gidan mai, za ka ga sandunan ƙarfe an haɗa su kusurwa uku-uku suna riƙe da kwanon rufi. Injiniyoyi suna kiran wannan ƙwarangwal tiros. Mai gini yakan tambaya ko zai karye. Injiniya yana da tambaya ta biyu, wato in an ɗora masa nauyi, nawa zai sauka? Rufin da bai karye ba yana iya lotsawa har silin ya tsage, ko ƙofar da ke ƙarƙashinsa ta ƙi rufuwa.

Akwai hanyar gano amsar da biro da takarda kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya. James Clerk Maxwell ne ya fitar da ita a 1864, sannan Bajamushe Otto Mohr ya sake gano ta a 1874 ya shigar da ita aikin injiniya. Ana kiranta hanyar nauyi ɗaya.

Tushenta shi ne ƙarfe yana miƙewa in an ja shi, yana tsukewa in an danne shi, ko da ido ba ya gani. Sanda mai tsawo ta fi miƙewa, mai kauri ta fi turjiya. Miƙewar kowace sanda ita ce NL/AE: N shi ne ja ko dannin da ke cikinta, L tsawonta, A faɗin bakinta in an yanka ta, E kuma taurin ƙarfen, wanda a ƙarfen gini yake kusan 200 kN a kowace murabba'in milimita. Wahalar ita ce sanduna suna kwance ta fuskoki daban-daban, wata a tsaye, wata a karkace, wata a miƙe. Milimita ɗaya a jikin ta kwance ba daidai take da milimita ɗaya a jikin ta tsaye ba wajen saukar da rufi.

Nan dabarar ta shigo. Sai a cire nauyin gaske gaba ɗaya a takarda, a rataya nauyi na tunani, ɗaya tak, a mahaɗar da ake son sanin saukarta, yana fuskantar ƙasa. Abin da kowace sanda ta ɗauka daga wannan ɗayan shi ake kira n, kuma shi ne ke faɗin rabon sandar: in ta miƙe da milimita ɗaya, mahaɗar za ta sauka da milimita n. Daga nan sai ninkawa da tarawa:

```
δ = Σ nNL / AE
```

Mu ɗauki tiros mafi sauƙi, mai faɗin mita 8 da tsayin mita 3 a tsakiya. Yana zaune a kan ginshiƙai biyu, A da B. Ƙololuwarsa C ce, tsakiyar ƙasansa kuma D. Raftoci biyu, AC da BC, kowanne mita 5 ne. Sandunan ƙasa, AD da DB, mita 4-4. Sai ta tsaye, CD, mita 3. Kowace sanda bakinta murabba'in milimita 500, don haka AE ya zama 100,000 kN. An ɗora 12 kN a kan C, kusan nauyin buhun siminti 24, muna son sanin saukar D, inda silin yake rataye.

Kowane ginshiƙi zai ɗauki 6 kN. Saboda karkatarsu, raftocin suna shan danni na 10 kN kowanne, suna kuma neman buɗe ƙafa, sai sandunan ƙasa su riƙe su da ja na 8 kN. Sandar tsaye ba ta ɗauki komai ba, domin babu abin da ke jan D. Ke nan kowane rafta ya tsuke da milimita 0.5, kowace sandar ƙasa ta miƙe da 0.32.

Yanzu a rataya nauyin tunani a D. Sandar tsaye za ta ɗauke shi duka, n ɗinta 1. Raftoci za su sha dannin 5/6, na ƙasa kuma jan 2/3. Ana rubuta ja da alamar tarawa, danni da alamar ɗebewa, kuma a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe: danni sau danni tarawa yake bayarwa, tunda tsukewar rafta ƙasa take kai rufin. Raftocin biyu sun ba da milimita 0.83, sandunan ƙasa 0.43, ta tsaye sifiri. Jimla, D za ta sauka da milimita 1.26. Da jimlar ta fito da alamar ɗebewa, ma'anarta mahaɗar sama ta yi. Da kuma a D aka rataya buhunan, sandar tsaye za ta miƙe da 0.36, jimlar ta koma 1.62.

A ganina, jimlar ba ita ce babbar riba ba. Ribar tana cikin rabon da ya fito fili. Kashi biyu cikin uku na saukar daga raftoci yake. Wanda ya ninka kaurinsu zai dawo da ita 0.84, wanda ya ninka na ƙasa zai tsaya a 1.05, wanda ya kashe kuɗi a kan sandar tsaye, da nauyin a C, bai rage komai ba. A lokacin da ƙarfe ya yi tsadar da ya yi, sanin inda za a ƙara da inda za a bari ba ƙaramin abu ba ne.

Kuma n bai damu da dalilin miƙewar sanda ba. A ce mai walda ya yanka AD ta zarce awo da milimita 6, abin da da wuya a lura da shi a sandar mita 4. Shida sau 2/3 ya ba da milimita 4, fiye da ninki uku na abin da buhu 24 suka jawo, alhali ba a ɗora komai ba tukuna. Haka ramin ƙusa mai noti da aka huda ya yi faɗi, haka zafin rana da ya bugi wasu sanduna ya bar wasu. Ƙwararru suna juya wannan ya zama amfani: su rage tsawon sandunan ƙasa kaɗan da gangan, tiros ya ɗan yi doro sama, in nauyi ya hau sai ya daidaita.

Amma lissafin yana da iyaka, kuma ita ce ta fi damuna. Ya ɗauka nauyi a mahaɗa yake sauka, ƙarfe bai wuce inda zai iya komawa yadda yake ba, sanduna kuma suna nan a miƙe. In aka ɗora tankin ruwa a tsakiyar rafta maimakon mahaɗa, raftan lanƙwasa zai yi, wannan jimlar kuma ba ta ganin lanƙwasa. Haɗarin da ya fi shi ne na siririyar sanda mai shan danni. Ƙarfe mai kusurwa na 50 da 50, kauri 5, bakinsa ya kusa murabba'in milimita 500 ɗin da muka yi aiki da shi. In aka bar shi mita 5 babu abin da ya tokare shi a tsakani, zai gantsare gefe kafin dannin ya kai 4 kN, ga shi muna neman ya ɗauki 10. Takarda za ta ce milimita 1.26, rufin kuwa zai zube. Shi ya sa ake fara tabbatar da cewa kowace sanda za ta iya ɗaukar nata kafin a zo kan sauka.

A wurin aiki ana iya gwadawa da zare. A ɗaure shi tamau daga A zuwa B, a auna tazarar D kafin a ɗora nauyi da bayan an ɗora. In awon ya zarce lissafi nesa, sai a duba noti, a duba walda, a kuma kafa ido a tsawon kowane rafta daga ƙarshensa a ga ko ya fara yin baka.