Kuɗin Buffett a Goldman Sachs da ragin harajin da bai samu ba

A watan Satumba na 2008, lokacin da manyan bankunan Amurka ke tangal-tangal, kamfanin Berkshire Hathaway na Warren Buffett ya zuba dala biliyan 5 a bankin Goldman Sachs. Abin da ya saya shi ne hannun jari mai fifiko, wato wanda ake biyan mai shi ƙayyadadden kaso kafin sauran masu hannun jari su taɓa ko sisi. An yanka masa kashi 10 cikin ɗari, dala miliyan 500 ke nan duk shekara.

Gano tsadar irin wannan kuɗi ba wuya. Ana raba kason da ake biya a shekara da ainihin kuɗin da ya shiga hannun kamfani bayan an cire ladan dillalai. Miliyan 500 a kan biliyan 5, kashi 10. Da ladan dillalai ya ci miliyan 200, sai a raba da biliyan 4.8, tsadar ta hau kusan kashi 10.4.

Inda ɗalibai da dama ke tuntuɓe shi ne wajen haraji. Sun saba rage haraji daga tsadar bashi, sai su yi haka a nan ma, alhali babu wannan ragin.

Dalilin yana cikin jerin yadda ake biya. Dokar haraji ta ɗauki kuɗin ruwa a matsayin ɗawainiyar kasuwanci, kamar haya da albashi, don haka ana cire shi kafin a lissafa ribar da za a biya wa haraji. Kason hannun jari kuwa rabon riba ne ga masu kamfani, sai gwamnati ta ɗauki nata sannan a raba.

A wancan lokaci harajin tarayya kan kamfanonin Amurka kashi 35 ne. Da bashi ne Buffett ya bayar, miliyan 500 ɗin za ta rage wa bankin haraji da miliyan 175, tsadar ta sauka zuwa kashi 6.5. Amma a matsayin kason jari, sai bankin ya ci ribar kusan miliyan 769 kafin miliyan 500 ta rage masa bayan haraji. Duk wanda ya ga kashi 6.5 a layin hannun jari mai fifiko cikin lissafin matsakaicin tsadar jarin kamfani, to an yi kuskure, kuma kuskuren kan sa a amince da aikin da ba zai biya kansa ba.

Me ya sa Goldman ya yarda da wannan tsada? A tsakiyar rikici, jari yake buƙata. Rashin biyan kuɗin ruwa na iya durƙusar da kamfani a kotu, kason jari kuwa ana iya jinkirta shi, ko da yake na Buffett taruwa yake yi har a biya.

Da ƙura ta lafa, a 2011 bankin ya fanshi hannun jarin a kan dala biliyan 5.5.